Wa Ke Gaba, Musa ko Haruna?

A bakin Kasuwar Kwastam wani tsoho makaho yana zaune a rumfar mai wankin hula. Goni suke ce masa, wato mahaddaci. Yana karanta suratu Ɗaha, har inda matsafan Fir'auna suka faɗi suna sujada. Nan ya cije.

"Sa'id, ɗana, Musa ne a gaba ko Haruna?"

"Wallahi ban sani ba, Baba," in ji mai wankin hular.

Gumi na bin gemun tsohon. Da alama tun da idonsa ya tafi, haddar nan ce kaɗai ta rage masa, ga shi tana zubewa.

Ya koma baya a karatun, yana buga gwiwa da hannu a ƙarshen kowace aya, yana yi wa kansa faɗa. "A suratu A'arafi ayoyin da 'una' da 'ina' suke sauka. Can matsafan sai sun ce Ubangijin talikai, aya ta cika, sannan Musa, Haruna ya rufe. Nan Ɗaha kuwa da alif suke sauka, maganar ta gajarce, numfashi ɗaya. Haruna gaba, Musa ya rufe!"

Ya yi dariya har da hawaye. Ya ja numfashi don aya ta gaba. Ayar ba ta zo ba. Hannun na sama, bai sauko ba.