An Gama, In Ji Allo

Yaya ake ce mata a ofis, har da Manaja wanda ya girme ta, domin ita ce babba a ɗakinsu, sunan ya biyo ta daga gida ya zauna mata a wurin aiki. Kamfanin nasu ƙarami ne, manhajar kwamfuta suke rubuta wa makarantu da asibitoci. A matsayin mai gwaji ta fara: a miƙo mata manhajar da aka ce ta kammalu, ta zauna ta yi ta dannawa tana juya ta, har sai ta gano ƙafar da take ɗingishi da ita. Ta daɗe a wannan kujera, aikin da ba ya jawo wa mutum masoya, ba ta kuma taɓa neman ya jawo mata ba.

Da aka ɗaga shugaban wani rukuni zuwa babban reshe, sai Manaja ya kira ta ya ba ta riƙon ƙwarya. Rukunin yana rubuta wa wani ƙaramin asibiti manhajar ba marasa lafiya rana da tura musu saƙon tunatarwa a waya, kuma an yi wa asibitin alkawarin miƙa aikin a mako mai zuwa. Manaja bai ɓoye mata komai ba.

“Aikin an gama shi, Yaya, ki je ki ga allonsu da idonki. Ki miƙa shi lafiya, ni kuma in tabbatar miki da kujerar.”

Allon yana jikin bango, tsakanin taga da firijin ruwa. An raba shi gida uku, an rubuta a saman kowane gida: Za a yi, Ana yi, An gama. Kowane aiki yana da katinsa, ana matsar da shi daga hagu zuwa dama. Gidan farko fayau yake. Na tsakiya, katuna ’yan kaɗan. Na ƙarshe kuwa ya cika ya batse, kati a kan kati, har wasu sun sauko jikin fenti. Tsakanin gida na biyu da na uku ta lura da wani tabo, inda aka goge layi da rubutu.

Hali ba ya barin mai shi. Ta zare kati guda daga gidan An gama, wanda aka rubuta wa Saƙon tunatarwa, ta zauna ta buɗe manhajar a kwamfutar gwaji, wadda aka shirya ta yi daidai da ta asibitin. Ta ba kanta rana, ta sa lambarta, ta danna a tura. Wayarta tana kan tebur, ko motsi ba ta yi ba.

Ta waiwaya wajen Dogo, babban mai rubuta manhajar rukunin, wanda gwiwoyinsa ba sa shiga ƙarƙashin tebur sai ya zauna a karkace.

“Dogo, wannan katin naka ne?”

“Nawa ne, Yaya. An gama shi tuni.”

“To ina saƙona?”

Ya jawo kwamfutarsa ya nuna mata. A can, da ya danna, sai rubutu ya fito a fuskar kwamfutar cewa saƙo ya tafi.

“Ya tafi ina?”

“Ai a wajena kwaikwayo yake yi. Kamfanin tura saƙon ba su ba mu mabuɗin shiga ba tukuna, shi ya sa ban haɗa nawa da babban aikin ba. Amma ni dai na gama nawa.”

“Wa ya nemi mabuɗin?”

Dogo ya sosa ƙeya. “An ce za a nema.”

Mai Zane, wadda take tsara fuskar manhajar, ta ɗago daga teburinta tana dariya. “Yaya, kada ki tsaya kan Dogo shi kaɗai, kowa a ɗakin nan yana da nasa. Ga maɓallin Na manta kalmar sirri can, na zana shi ya yi kyau kamar a lasa. Danna shi ki gani, ado ne kawai.”

Ta danna. Ado ne kawai.

Haka ta wuni tana zare kati tana gwadawa. An rubuta abin da zai riƙa ajiye kwafin bayanan marasa lafiya, amma ba wanda ya taɓa gwada dawo da su daga kwafin ya ga ko suna dawowa. Shafin buga jerin masu zuwa gobe yana fitowa, sai dai yana yanke sunayen ƙarshe. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne ba wanda ya yi mata ƙarya. Duk wanda ta tambaya, nan take yake faɗa mata abin da ya rage. Da ta tambayi tabon da ke jikin allon, Mai Zane ta ce gidan Gwaji ne a da. An ɗauke mai gwajinsu an kai shi wani aiki, katuna suka taru a gidan ba mai duba su, Manaja kuma kowane ƙarshen mako gidan An gama yake leƙawa ya ga ko ya ƙaru. Sai tsohon shugaban ya sa tsumma ya goge gidan, hanya ta buɗe.

Da yamma ta biya gidan mahaifinta, kamar yadda ta saba tun da idonsa ya raunana ya bar shagon ɗinki. Ta same shi a tsakar gida yana shafa mai a tsohon kekensa, wanda ba ya ɗinki da shi amma bai yarda ya yi tsatsa ba. Ta ba shi labari. Tsohon ya yi dariya har da tari.

“Ashe mutanen naki teloli ne. Mu ma in mai riga ya leƙo, an gama muke ce masa, ko da hannu ɗaya ba a ɗora ba. Ki lura, ba na cewa na gama. An gama. Wa ya gama? Babu shi, balle a kama shi.”

“Baba, in na mayar da katunan nan baya, ni za a ce na zo na ɓata aiki.”

“Za a ce kuwa,” in ji shi, ya ci gaba da shafa mansa.

Washegari da safe ta riga kowa zuwa, amma ba ta taɓa allon ba sai da suka hallara, don kada a ce ta yi a bayan ido. Ta ɗauki alƙalamin allo ta sake ja layin da aka goge, ta rubuta Gwaji. Sannan ta ce daga yau kati ba zai shiga gidan ƙarshe ba sai wani, ba mai aikin ba, ya ga abin yana aiki a kwamfutar gwaji, ya juya katin ya rubuta Na gani, ya sa hannu. Suka bi katunan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi aiki a gabansu ya tsaya, wanda bai yi ba ya koma baya, an rubuta a jikinsa abin da ya rage da wanda zai yi.

Dogo ya tsaya hannu a ƙugu yana kallon katunansa suna komawa. “Yaya, wannan fa tsiraici ne. Wata nawa muna tara su.”

“Ban ce ba ka yi aiki ba, Dogo. Ka yi. Marar lafiya ne dai ba zai zo ya zauna gaban kwamfutarka ba.”

“In ya zo ma ba wurin zama,” in ji Mai Zane, “ƙafafunsa sun cinye ɗakin.”

Kafin azahar gidan An gama ya rame, ana iya ganin farin allon ta tsakanin katunan da suka tsira. A haka Manaja ya shigo ya same shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ta same shi a ofis, ya rufe ƙofa.

“Na ba ki allo cike, kin mayar mini da shi kango. Me zan ce wa asibiti?”

“Abin da ke akwai, ranka ya daɗe. Ba da rana yana aiki, na gwada shi ta kowace fuska. Tunatarwa ba ta aiki, dawo da bayanai ba a gwada ba.”

“Ki mayar da katunan, mu miƙa, sauran a ƙarasa a hankali. Haka ake yi ko’ina. Kin san kuma abin da na ce miki game da kujerar nan.”

“Na sani. Amma in na mayar, hannuna ne zai hau takardar miƙawa, ni kuwa ban gani ba. In kana so, ni zan yi musu bayani, ba sai ka buɗe baki ba.”

Bai so ba, amma ya fi ƙin ya je shi kaɗai. Suka tafi asibitin tare. Babbar nas ta karɓe su a wani ɗan ofis mai warin maganin goge ƙasa, ana ta ƙwanƙwasa mata ƙofa. Yaya ta buɗe kwamfuta ta nuna mata abin da ke aiki, ta faɗi abin da ba ya yi, ba ta ƙara gishiri ba, ba ta kuma ambaci sunan kowa ba. Matar ta cire tabarau ta dube su.

“An ce mini an gama. Har na sanar da ma’aikatana cewa daga mako mai zuwa sun huta da kiran masu ciwon suga da hawan jini a waya, na’ura za ta tuna musu. Da kun miƙa mini haka, da mutanena sun yi ta wuce ranarsu ni ina nan ina jiran su.”

Ba ta yi musu godiya ba, ranta a ɓace yake. Ta ce su kawo sashen ba da ranar idan sun tabbatar bayanai suna dawowa, ma’aikatanta su ci gaba da kira da baki, sauran kuma kada wanda ya sake sa mata ranar miƙawa sai ya tabbata.

A mota, da suka kusa ofis, Manaja ya dube ta.

“Ba zan iya tabbatar miki da kujerar yanzu ba, Yaya. Na riga na gaya wa na sama da ni cewa an gama, sai na je na warware da bakina. Riƙon zai ci gaba har a miƙa duka, daga nan a duba.”

Abin ya sosa mata rai, domin ta sa rai, ta ma riga ta faɗa wa maigidanta. Ta kalli titi har zafin ya ɗan lafa.

“To, na ji. Amma ina da buƙata biyu. A dawo mana da mai gwajinmu, ko da rabin wuni ne. Sannan mabuɗin kamfanin saƙo, da sa hannunka ake nemansa.”

“Za a duba.”

“Wa zai duba, ranka ya daɗe?”

Ya juyo ya kalle ta, kamar zai yi fushi, sai ya sauke numfashi. “Ni zan duba. Yau.”

Da suka isa, ta wuce kai tsaye ɗakin rukunin, ta ajiye jaka, ta ce wa Dogo ya jawo kujerarsa kusa da tata. Za su share bayanan kwamfutar gwaji kaf, su ga ko kwafin zai dawo da su.