Hancin Yaya Kwastan

Ƙannenta ne suka sa mata Kwastan, domin ba abin da zai wuce ta ƙofar gidan hancinta bai bincika ba. In ƙaninta direba ya sha taba a tasha ya bi da alewa, tun daga bakin ƙofa za ta ce, "Tofar da alewar, ba ta yi aiki ba." Ita ce babbar 'ya, tela ce, kekenta na falo daf da ɗakin mahaifinsu. Tun rasuwar mahaifiyarsu ta riƙe jinyar Baba ta hana kowa taɓawa. In Auta, ƙaramarsu, ta ce za ta kwana da shi, sai Yaya ta ce, "Ke da ba ki iya naɗe zani ba?" Tana son mahaifinta matuƙa, amma gaskiya tana kuma son a ce in ba ita ba, babu.

Baba yana da ciwon suga, kunnensa ya yi nauyi, ƙafafunsa kuma sun mutu ta yadda ko ƙusa ya taka ba zai ji ba. A ƙarƙashin babban yatsan ƙafarsa ta dama akwai wani gyambo da ya ƙi warkewa. Wata nas ce ke zuwa gida tana wanke shi tana naɗewa, kuma ta ja wa Yaya kunne: kada a kwance bandejin, amma in ya jiƙe, ko ya fara wari, ko Baba ya yi zazzaɓi, a garzaya asibiti, don irin wannan ciwon ƙafa yake ci. Saboda haka kowace safiya Yaya sai ta durƙusa ta sunsuna ƙafar, ta ɗago ta daka masa tsawa a kunne, "Lafiya lau, Baba!" Shi kuma ya yi murmushi.

Sai mura ta zagaya unguwar, ta kwantar da Yaya. Da zazzaɓin ya sauka majina ta tsaya, ta ɗauka ta warke. Amma tari ya ƙi tafiya, duk sanda ta yi shi sai ta dafe haƙarƙari kamar an doke ta da taɓarya. Muryar da ake ji har titi ta dishe. Ranar da ta ƙone rigar wata mata da dutsen guga, ba ta ankara ba sai da hayaƙi ya shiga idonta. Ta ɗauko sabulu ta kai hanci, shiru. Ta buɗe man keken ɗinki, shiru.

Ba ta gaya wa kowa ba, ta sulale asibitin unguwa. Likita ya sa abin awo a ƙirjinta da bayanta ya ce huhunta garau, tarin ne ya gajiyar da naman haƙarƙarin, kuma tari bayan mura yakan kai sati uku ko fiye.

"Muryar fa?" ta tambaya da ƙyar.

"Sati ɗaya zuwa biyu, in kin hutar da ita. Ban da ihu, ban da raɗa ma, ita ma tana wahalar da maƙogwaro. In ta wuce sati uku ki dawo. In kuma numfashi ya yi miki wuya, ko kika ga jini, ko zazzaɓi ya dawo, kada ki jira."

"Hancin?"

"Wannan ba ni da ranarsa, Hajiya. Yawanci da kumburin ya sauka yake dawowa, cikin 'yan makonni. Wasu kuwa sai sun yi watanni."

Watanni. A hanyar gida ta yi ta juya maganar. In ta faɗa, Auta za ta tare a ɗakin Baba, direba ya samu abin tsokana na shekara. Ta ce a ranta ita tana cikin masu 'yan makonni, kuma ai idonta yana aiki.

Ta ci gaba da durƙusawa kowace safiya, ƙirji na suka, ta kai hancinta ga bandeji ba ta jin komai. Muryar tsawa babu, sai ta ɗago ta gyaɗa masa kai. Takan shafa goshinsa ta ji sanyi, ta duba bandejin ta gan shi a bushe, ta ɗan samu natsuwa har zuwa azahar, sannan tsoron ya dawo.

Ranar da nas za ta zo, sai ga waya. Ita ma murar ta kama ta, ba ta son ta shafa wa tsoho, za ta tsallake wannan zuwan.

"Bandejin ya jiƙe?"

"A'a."

"Zazzaɓi?"

"Babu."

"Wari fa?"

Yaya ta kalli ƙofar ɗakin. Tari ya taso mata, ta bar shi ya daɗe.

"Babu," ta ce.

Bayan 'yan kwanaki Auta ta zo da kayan wanki. Ta ɗaga labulen ɗakin Baba, ta tsaya cak, ta ja gyalenta ta toshe hanci.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Mene ne me?"

"Kina nufin ba ki ji? Ke?"

Yaya ta ɗauko almakashin ɗinki ta yanke bandejin. Samansa fari ne, amma cikinsa ya jiƙe sharkaf, yatsan ya yi baƙi, jan kumburi ya haura bayan ƙafar. Ta yunƙura ta ɗaga Baba, haƙarƙarinta suka ƙi. Ta buɗe baki ta kira maƙwabta, iska ce kawai ta fito. Auta ce ta yi ihun, ita ta kira direba.

A babban asibiti likitan fiɗa ya duba ƙafar ya tambayi yaushe warin ya fara. Ƙannen duk suka juyo ga Yaya.

"Ban sani ba," ta ce. "Tun murar nan ba na jin komai."

Direba ya buɗe baki, Auta ta taka masa ƙafa. Likitan ya ce sai sun shiga za su san iya inda abin ya ci, yatsa ne ko ƙafar. Yaya ta zauna a benci tana danne tari don kada ta cika wa mutane kunne, ba wanda ya zauna kusa da ita. Da likitan ya fito ya ce an cire yatsu biyu, ƙafar ta tsira, sai Yaya ta sa kuka, kukan ma ba sauti.

Muryarta ta rigayi sauran dawowa, ciwon ƙirjin ya lafa bayan kusan wata guda. Hancin kuwa sai da ya kwashe watanni, ya fara dawowa a gurguje, har sabulu yana mata warin ƙonanniyar roba kafin ya daidaita. Kafin nan Auta ta koyi duba ƙafar, kuma Yaya ce da kanta ta kira ta.

Amma tun Baba yana gadon asibiti, ranar da ta ji muryarta za ta kai kunnensa, ta sunkuya ta gaya masa komai da ƙarfi, har na gadon kusa suka juyo. Ya kalli ƙafarsa.

"Ni na ji warin," ya ce. "Tun da wuri na ji shi. Sai na ga kin sunsuna kin gyaɗa kai, na ce to, hancina ne ya tsufa."