Taron Ƙarfe Biyar na Ɗangoggo

A kasuwar Wuse da ke Abuja, layin masu labule, akwai wani dattijo siriri da ake kira Ɗangoggo. Sunansa na yanka Maharazu, mutumin Katsina ne. Ya samu laƙabin ne saboda ƙanwar mahaifinsa, Goggo Fadima, ita ta raine shi tun yana goye bayan rasuwar mahaifiyarsa. Wanda ya gan shi yau yana gwada yadi da tef a wuya ba zai ce ya taɓa jagorantar ma'aikata a ƙasashe uku ba, alhali ko kujerarsa bai bari ba.

Da ya gama sakandare sai ya tafi Legas, ya kama aiki a kamfanin wani Alhaji mai sayar wa ma'aikatun gwamnati kayan ofis. Yana da kai, Turancinsa kuma ba laifi, don haka aka tura shi Hong Kong ya riƙa lura da masana'antun da ke ƙera musu kujeru da kabad. Shugabansa a Legas wani ne Zakariyya, mai son a ji tsoronsa. Zakariyya yakan kira taron waya ne da ƙarfe huɗu na yamma, in ya gama cin abinci ya huta. Hong Kong tana gaban Najeriya da awa bakwai, wato Maharazu sai ya zauna jiran waya har sha ɗaya na dare, ga safiya tana jiransa a masana'anta. Bai taɓa jin an tambaye shi ko lokacin ya yi masa ba. Ran da ya yi gyangyaɗi a kan layi, Zakariyya ya sa masa suna Sarkin Barci, sauran da ke kan layin suka yi dariya.

Duk wannan da sauƙi. A shekararsa ta uku can Goggo Fadima ta rasu. 'Yan'uwa suka yi waya ofishin Legas, don lambarsa ce kaɗai suke da ita. A makon ana lodin kaya a jirgin ruwa, sai Zakariyya ya riƙe saƙon don kada hankalin yaronsa ya rabu. Sun yi taro sau biyu a tsakani, yana tambayarsa kujeru nawa suka shiga kwantena. Sai da jirgi ya tashi sannan ya ce masa, a ƙarshen waya, wai af, an ce goggon nan taka ta rasu, Allah ya ji ƙanta. Lokacin har an yi addu'ar bakwai. Maharazu ya ajiye abin a ransa, kamar garwashin da aka rufe da toka.

A ƙarshen 1991 gwamnati ta taso daga Legas ta dawo Abuja. Tireloli suka yi ta shigowa da fayiloli, ga sababbin gine-gine a Garki ba ko kujerar zama a ciki. Alhaji ya ga kasuwa ta buɗe, ya buɗe ofis a Area 1, ya kira Maharazu gida ya damƙa masa. Zakariyya kuwa sun ɗan samu saɓani da Alhaji, sai aka ce ya tafi Hong Kong ya riƙe wurin da Maharazu ya bari. Da labarin ya zo, Maharazu ya yi sujada.

Mutum uku ne a ƙarƙashinsa. Muhyiddeen, Bakano, yana Jidda yana sayen kafet da labule. Hannah, 'yar Kafanchan da ta yi karatu a Landan ta zauna can, ita ke sayen injinan ofis da bin takardun banki, ita ce kuma ke haɗa layukan su huɗu daga can, don daga Abuja ba a iya haɗawa. Sai Zakariyya.

A gaskiya Maharazu ya iya aikin, domin ya ɗanɗana zaman nesa. Ya lura Jidda suna hutun mako Alhamis da Juma'a, Landan Asabar da Lahadi, saboda haka ya tsayar da taro Litinin da Laraba. Ya sa shi takwas da rabi na safe: Jidda hantsi, Hong Kong la'asar, Hannah ce kawai ke ɗan sammako, ya kuma nemi yardarta kafin ya yanke. Na Litinin kowa ya faɗi abin da zai yi, na Laraba kowa ya faɗi abin da ya maƙale masa. Bayan kowane taro yakan rubuta abin da aka yanke a shafi ɗaya, ya tura wa kowa ta faks kafin azahar, saboda layi yakan yanke, kunne kuma yakan yi ƙarya. Ban da haka, sau ɗaya a wata yakan kira kowa shi kaɗai, ba maganar aiki. Ya san mahaifiyar Hannah na fama da ciwon ƙafa, har ya aika direba Kafanchan da magani. Ya sha gaya musu cewa mummunan labari in ya zo da wuri abokin shawara ne, wanda ya kawo shi ba zai ji faɗa ba. Suka gwada shi, suka ga haka ne. Muhyiddeen ya taɓa yin kuskuren awon kafet, ya faɗa ran Laraba, aka gyara ba wanda ya ji a waje.

Zakariyya ne kaɗai ba ya samun kiran wata. A taro Maharazu yakan kira shi Yallaɓai, da wani irin ladabi da kowa ya san ba ladabi ba ne. Wannan bai kashe masa ƙishirwa ba. Yana jin muryar mutumin a wartsake da la'asar ɗin Hong Kong, sai zuciyarsa ta yi ta tafasa.

Bayan wata shida ya mayar da taron ƙarfe biyar na yamma. Hujjarsa ita ce da safe yana bin ofisoshin ma'aikatu, kuma layi ya fi kyau in an tashi aiki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Muhyiddeen ya ce lokacin yana cin masa sallar isha'i a jam'i, Hannah kuma ta lissafa ta ce ai sha biyun dare ke nan a Hong Kong, ko a riƙa juyawa, mako ɗaya safe, mako ɗaya yamma, kowa ya ɗauki nasa rabon wahalar. Maharazu ya ce Yallaɓai ba Sarkin Barci ba ne, zai iya. Zakariyya ya gane karatun.

Haka aka yi ta tafiya. Maharazu yakan bar bayanin Hong Kong ya zama na ƙarshe, ya ja taron da gangan, yana sauraren yadda muryar Zakariyya ke nauyi mako bayan mako. In ya koma ɗakinsa a Karu yakan ci tuwo da daɗi a irin waɗannan ranakun.

Sai ga wata babbar kwangila, kujerun ɗakin taro na wata ma'aikata. An riga an ba masana'anta oda a kan jar fata, sai ma'aikatar ta aiko cewa koriya take so. Akwai sauran lokacin gyarawa in an sanar a makon. Ran Laraba ana cikin taro, Maharazu ya ji numfashin Zakariyya ya sauya, ya yi tsawo. Ya san wannan numfashin, nasa ne a da. A daidai nan ya faɗi maganar sauyin launi, a taƙaice, ya wuce.

Hannah ta ce, "Malam Zakariyya, ka ji?"

Ba amsa.

Maharazu ya ce, "Ya ji. Mu ci gaba."

Ranar bai tura faks ba. Ya ce injin ya samu matsala.

Bayan wata biyu jajayen kujeru suka sauka a tashar jirgin ruwa ta Legas, ma'aikata ta ce ba ta san zance ba. Alhaji ya hau sama. Ya tambayi Maharazu, shi kuwa ya ce ya faɗa a taro, ga shaidu biyu. Ya tambayi Muhyiddeen da Hannah ko an faɗa, suka ce an faɗa, domin iyakar abin da aka tambaye su ke nan. Zakariyya ya rantse bai ji ba, rantsuwar ma ta zama hujja a kansa. Aka sallame shi. Ya dawo Legas da iyali ba aiki, yara biyu suka bar makarantar da suke. Maharazu ya bi labarin dalla-dalla, har kuɗin waya yake kashewa don ya ji ƙarin bayani.

Da yamman da aka sanar da korar, Hannah ta kira shi ita kaɗai. Ta ce ta san abin da ya faru da goggonsa, kuma Zakariyya bai kyauta ba. Sannan ta ce, "Oga, ni na ji yana barci, kai ma ka ji. Yanzu ran da na ɓata maka, me za ka faɗa lokacin da layina ya yanke?"

Ya ce ita ba ta yi masa komai ba. Ta ce shi ya sa take tambaya tun yanzu.

Ya mayar da taro takwas da rabi na safe, amma abin ya riga ya lalace. In ya tambayi me ya maƙale, kowa sai ya ce lafiya lau. Muhyiddeen ya daina motsa ko tsinke sai ya ga sa hannu a takarda, abin da ake gamawa a waya ɗaya ya koma cin mako. Da wani dilan kafet ya saɓa masa alkawari, ya ɓoye yana ta ƙoƙarin gyarawa shi kaɗai har lokaci ya ƙure, kwangilar ta kuɓuce. Kiran wata ya koma gaisuwa da sai anjima. Hannah ta samu wani aikin ta tafi, sabon da aka tura Hong Kong kuwa tun kafin ya sauka an ba shi labari. Kafin shekara ta zagayo Alhaji ya miƙa ofishin ga ɗan ƙanensa.

Da ɗan abin da ya tara Maharazu ya kama shago a Wuse, daga baya ya sayi fili a Kurudu tun ana noma dawa a wurin, ya gina gida. Ya aurar da 'ya'ya huɗu. Maƙwabtansa a kasuwa suna yabonsa da riƙon amana, kuma in rigima ta tashi a layin shi ake kira ya raba.

Shekarun baya wani saurayi ya zo shagon da sallama, ya durƙusa, ya ce shi ɗan Malam Zakariyya ne. Mahaifinsa ya tsufa, zai tafi aikin Hajji bana, ya aiko shi yana neman gafarar duk abin da ya shiga tsakaninsu, shi kuma a nasa ɓangaren ya yafe. Maharazu ya ba shi kujera, ya aika aka sayo masa lemo mai sanyi, ya tambayi lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Da saurayin ya miƙe ya tambayi me zai ce wa Baba, Maharazu ya naɗe yadin da ke hannunsa tsaf, ya mayar da shi kan kantar shagon.

Ya ce, "Ka ce masa Allah ya kai shi lafiya."

Saurayin ya ɗan tsaya ko akwai ƙari. Wata mata ta shigo tana tambayar labulen falo, Maharazu ya juya wajenta.