Malam Buba da Waƙar Ludayi

Idan kai ɗan Zandam ne kuma bayanka bai taɓa ɗanɗana bulalar Malam Buba a kan waƙa ba, to ko dai kurma ne kai ko kuma ba ka yi Islamiyya ba. Ni Ɗan'azumi na sha tawa har na ƙoshi, ga shi kuma mijin gwaggona ne, Gwaggo Tani, don haka a makaranta in sha, in je gaisuwa in ƙara. Mutum ne dogo siriri, mai noman gero da gyaɗa da damina, mai tsare ƙofar Aljanna da rani. A gidansa ko tsaki ka ja da ɗan lanƙwasa sai ya tambaye ka wa ya koya maka. Rediyonsa ma ya san doka: ana gama labarai, kafin makaɗi ya ɗaga hannu, an murɗe masa wuya.

Sai Allah ya yi ni mai tura waƙoƙi a waya. Ina da 'yar rumfa a kasuwar Gwaram, da kwamfuta da janareta da lasifika mai tashin matattu. Tun da na buɗe ta, Malam bai ƙara amsa gaisuwata da fiye da "uhm" ba. Ya taɓa gaya wa mahaifiyata cewa ɗanta dillalin Shaiɗan ne. Ban musa ba, dillali dai ai mai sana'a ne.

Bara bayan girbi Gwaggo Tani ta faɗi a bakin murhu. Shanyewar ɓarin jiki. Aka kai ta asibiti Birnin Kudu, ƙafa ta ɗan dawo, hannu ya ɗan dawo, magana ta ƙi. Tana ji, tana ganewa, amma in ta buɗe baki sai iska. Matar da in tana faɗa da akuya ana jin ta a unguwa uku. Wata ma'aikaciya mai gasa ƙashi ta ce wa Malam wani lokaci wanda magana ta ɗauke wa yakan iya rera waƙar da ya saba, ba alkawari ba ne, amma a gwada. Ta tambaye shi wace waƙa matarsa ke so. Kai jama'a! Duk mazan jihar nan ta rasa wanda za ta tambaya sai Malam Buba.

Ranar kasuwa ina cikin cika wa wani ɗan acaɓa memori, sai na ga inuwa. Na ɗaga kai, ga rawanin Malam. Wallahi hannuna da kansa ya kashe lasifika.

"Baba, sannu da zuwa. Karatun Alƙur'ani za a sa?"

"Waƙa nake nema," ya ce, yana kallon janareta kamar ita ya tambaya.

Na ce wace? Sunan mawaƙi? Bai sani ba. Ta fim ce? Bai sani ba, kuma kallon da ya yi mini ya nuna tambayar ma zunubi ce. Abin da ya sani shi ne gwaggona takan yi ta a bakin turmi tun tana amarya, kuma kalmominta su ne: "Miƙo ludayi Barira, gero ya ji ruwa." Ya karanto mini su a miƙe, da ƙalƙala da komai, kamar yana ba da fatawa.

Na rubuta a waya na nema. Aka kawo mana mata masu koyar da dama kunu. Na cire Barira, aka kawo masu sayar da ludayi. Na cire ludayi, aka kawo farashin gero a Dawanau. Na duba kwamfutata, inda rabin waƙoƙin ba su da suna sai lamba, don duk wanda ya turo wa wani sai sunan ya ɓace a hanya. Babu ludayi. Na san matsalar, don ba shi ne na farko ba. Tsofaffin waƙoƙin Indiya haka iyayenmu mata suka yi musu: kunne ya ji yaren da bai sani ba, sai ya ɗinka masa rigar Hausa. Wanda ya rubuta waƙar bai taɓa jin sunan Barira ba, to ta ina waya za ta samo ta da kalmomin da ba sa ciki?

Na ce, "Baba, kalmomin nan ba za su kai mu ko'ina ba. Akwai manhajar da ke gane waƙa in an kunna mata ainihinta, mu kuwa ainihin muke nema. Saura hanya ɗaya. Waya tana iya gane karin waƙa in mutum ya rera mata, ko da da hanci ne. A kira ɗaya daga cikin 'ya'yan Gwaggo ta rera."

"Ba su iya ba."

Ina za su iya? Wa ya bar su? Gwaggo ba ta yin ta sai gida ba kowa, tana jin sallamarsa take haɗiye ta. Na ce to ai shi ke nan, wadda ta san karin, bakinta a rufe yake. Malam ya gyara rawanin da bai karkace ba.

"Ni na iya," ya ce.

Na ce na'am?

"In na dawo daga masallaci nakan ɗan tsaya a zaure kafin in yi sallama."

Ka ji fa! Shekara talatin da wani abu yana zane mu, ashe shi yana da kujerar gaba a zaure. Na so in yi dariya, na fasa.

Na miƙa masa waya. Ya sunkuya ya yi wani gurnani can ƙasa, waya ta ce ba ta ji ba. Ina za ta ji, ga janareta, ga mai maganin basir da lasifikarsa a gefe? Na kashe janareta na ce ya ɗaga murya. Ya waiga dama, ga tsofaffin ɗalibansa biyu suna cajin waya. Ya waiga hagu, ga mai rake ya daina fere. Ya rufe ido ya rera, a tsakiyar kasuwar Gwaram, da rawaninsa. Kuma abin haushi, muryarsa da daɗi.

Waya ta kawo waƙoƙi uku da take zato. Ta farko ya girgiza kai. Ta biyu, sarewa na tashi, kafin mawaƙiyar ta buɗe baki, ya kama gefen teburina. Tsohuwar waƙar Indiya ce, ta girme ni. Ba ludayi, ba gero, fassarar ta ce wata ce ke jiran ruwan sama. Ya ce sam ba haka kalmomin suke ba, Indiyawan ne ba sa furtawa da kyau. Na ce haka ne Baba, sai a yi musu uzuri.

Na rufe rumfa na goya shi a babur zuwa Zandam. Gwaggo na zaune a tabarma a inuwar rumbu. Na ajiye wayar kusa da ita na kunna. Da farko ba komai. Sai yatsun hannunta mai lafiya suka soma buga gwiwa. Sai leɓe ya motsa. Sai ga murya, a shaƙe, a karkace, amma tata: "Miƙo ludayi Barira…"

Malam ya taka ya matso, hawaye na bin gemunsa. Ta ɗaga kai ta gan shi. Nan take ta haɗiye waƙar, ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi.

"Ci gaba, Tani," ya ce. "Na yarda. Don Allah ci gaba."

Ko motsi. Na sake kunnawa, ta dube shi ta dubi ƙasa. Raina ya ɓaci, da shi, da bulalarsa, har da kaina da na tsaya kallo. Shi ya fara ganewa. Ya ɗauki takalmansa ya fita, na ji ya zauna a zaure. Can sai muryar Gwaggo ta dawo.

Yanzu kullum bayan la'asar 'yarsu takan kunna mata, har ta fara kamo wasu kalmomi a wajen waƙa, tana kiran ruwa, tana kiran sunan jika. Malam kuwa in ka bi ta ƙofar gidan za ka same shi a zaure, takalma a hannu, bai yi sallama ba tukuna.