Tiyon Babbar Tanda

Tun tana yarinya an san ta da tsoro. Ko yanzu da ta aurar da 'yarta ta fari, sai ta kulle ƙofa ta tafi, ta dawo ta girgiza kwaɗon. Mijinta kan ce, da a ce ana sayar da tsoro, da tuni sun gina bene. Amma a gidan burodin da take aiki, wannan halin ne ya kai ta shugabancin masu gashi, don burodi bai taɓa ƙonewa a hannunta ba. Uwar Tanda suke ce mata.

Ita ta fara jin warin gas a bayan babbar tanda. Ta kira Baba mai gyara, dattijon da ya yi mata hanya ta samu aikin nan lokacin tana goyo. Ya shafa ruwan sabulu a jikin tiyo, kumfa ya taso. Ya yanke inda ya tsage, ya sake ɗaurewa, wari ya ɗauke. Ba a jima ba ya dawo. Tiyon ya tsufa, sabo yake so, mai sito kuma ya ce ba a sayen kayan gyara sai da izinin Manaja. Baba ya ce zai hau ya faɗa. Kullum sai ya ce gobe.

Ba ta ga laifinsa ba. Manajan nan ai ma'aikata Wane Ne suke kiransa a ɓoye, don ko buhun fulawa ne ya jiƙe, tambayarsa ke nan, kuma duk wanda aka ambata ya kama hanyar gida. Baba kuwa an riga an yi masa gargaɗi a kan injin kwaɓi, ga marayun ɗansa yana riƙo.

Uwar Tanda ta shiga uku. In an kunna ashana gabanta ya faɗi, in ta hango matakalar ofis sai ta kauce. Ran nan da safe wari ya buge ta tun daga bakin ƙofa. Ta rufe gas daga tukunya, ta buɗe tagogi, ta ce kada wanda ya kunna komai. To, burodi ba zai fita ba, dole a hau sama.

Ta sami Baba a ɗakin kayan aikinsa. “Baba, zan je wurin Manaja. Ban so ka ji a bakin wani ba. Mu je tare.”

Dattijon ya ce, “To, 'yata. Yi gaba, ina zuwa.”

Baba ya cim mata a ƙofar ofis, suka shiga. Ta gaishe da Manaja, ta ce:

“Ranka ya daɗe, na rufe babbar tanda. Tiyon gas na yoyo. Baba ya gano wurin, ya yanke ya ɗaure, iyakar abin da hannu zai iya ke nan. Sabo ake bukata, sito kuma sai da izininka. Shi muka zo nema.”

Manaja ya ajiye waya. “Tun yaushe?”

“An kwana biyu. Gyaran ya riƙe da farko, sai ya sake.”

“Aka bar ni a duhu? Wane ne?”

Wayyo! Tana jin numfashin Baba a bayanta. Ta damƙe gefen rigar aikinta.

“Ɗakin gashi a hannuna yake, ranka ya daɗe, da ni ya kamata in hawo tun da wuri. Ga shi mun zo. Ka sauka ka gani da idonka.”

Ya kalle ta, ya kalli Baba, har ta fara tunanin yadda za ta gaya wa mijinta an kore ta. Sai ya miƙe. A ƙasa Baba ya ɗan buɗe gas, ya shafa ruwan sabulu, kumfa ya yi ta tasowa nan da can, ya yi maza ya rufe. Manaja ya ja da baya, fuskarsa ta canja.

“A sayo sabo yanzu. Kai dattijo, bi mai sito ka zaɓo da kanka. Nan gaba in maganar gas ce, kada a jira ni, a saya a gaya min daga baya.”

Da ya koma sama, ta zauna daɓas a kan matakala. Sai ta ga wani ƙunshi a ƙarƙashin matakalar: buta, tabarma a naɗe, da tsohon kofin shayin Baba, an ɗaure tamau da igiya. Ashe abin da ya tsaya yi ke nan da ya ce ta yi gaba, ya riga ya yi shirin kora.

Baba ya durƙusa zai kwance, ƙullin ya ƙi.

“Kawo, Baba,” ta ce.

Ita ma da hannu ya ƙi. Da haƙori ta kwance shi.