Layi na Shida a Takardar Malama Jan Biro

Ofishinta tsohon sito ne a ƙarshen baranda, bayan famfo. Tebur ɗaya, kujera biyu, sai taga da ba ta buɗuwa. Shekara goma sha tara tana ciki tana sauraron koken ɗalibai. Yara sun raɗa mata suna Malama Jan Biro, don ko gaisuwa ka rubuta mata sai ta gyara. Mijinta ya rasu, ɗanta guda yana nesa, waya sai ya tuna. A nan take cin abincin rana ita kaɗai, tana jiyo shewar abokan aikinta daga ɗakin malamai.

Ba korarta suka yi ba, ita ta janye jiki. Da can wani yaro ya kai ƙarar masu dukansa wurin malamin lissafi, shi kuwa gogan naka sai ya tsaya gaban taron safe ya kira sunan yaron don ya nuna ana aiki. Kafin a tashi, an fasa wa yaron leɓe a bayan aji. Tun ranar ta ce ita da yarda da malami har abada.

Shi ya sa duk farkon shekara take tara sababbin shugabannin ɗalibai, ta raba musu takarda mai layi bakwai, su riƙa gwadawa biyu-biyu, wannan mai kawo ƙara, wancan mai karɓa.

"In yaro ya zo maka, ja shi gefe inda ba kunnuwa. Ka saurara, kada ka katse shi, sannan ka gode masa. Kada ka kuskura ka ce ba za ka gaya wa kowa ba; ka ce za ka gaya wa babba ɗaya da zai taimaka. Ka rubuta da kalmominsa: wane ne, a ina, yaushe. Kuma kai ba alƙali ba ne, kada in ji ka je ka tari wanda ake ƙara."

Layi na shida ya ce a kawo mata takardar ƙarar a ranar, ita kaɗai. In ba ta nan, a zura ta ƙarƙashin ƙofa. Na bakwai, a koma washegari a tambayi yaron ya ya kwana. Ba ta taɓa fashin aiki ba, don haka ba ta ga ramin da ta haƙa ba.

Sai ga shi a zango na biyu ciwo ya kwantar da ita asibiti kwana goma sha ɗaya. Ban da wata maƙwabciya, babu wanda ya leƙo. Wannan ya yi mata ciwo fiye da allurar.

Ranar da ta dawo, ta tura ƙofa ta ji tana jan takardu. Uku daga ciki na yarinya ɗaya ne, 'yar aji ɗaya. Ta farko: "Suna ɓoye min takalmi." Ta biyu: "Sun kulle ni a banɗaki har aka gama darasi." Ta uku layi ɗaya ce: "Anti, kin ce babba zai zo."

Ta aika a kira shugabar ɗalibai mata, wadda ta karɓi ƙarar yarinyar ta rubuta.

"Ina yarinyar?"

"Malama, kwana huɗu ba ta zo ba."

"Ke kuma kina kallo? Makarantar nan ba malamai?"

Idon shugabar ya ciko. "Malama, ke kika ce ke kaɗai. Kullum sai na koma na tambaye ta, wallahi. Ba layin da na tsallake."

Malama ta rasa wanda za ta yi wa faɗa, ta sallame ta.

Da yamma ta nemi gidan su yarinyar. Uwar ta tsaya a bakin ƙofa, ko kujera ba ta ba ta ba.

"Malama, mun mayar da ita wata makaranta. Da shiru ta yi, da na ce laifinta ne. Amma ta faɗa, har sau uku."

Washegari ta ja jan biro a kan layi na shida. Ta rubuta: in ba ta nan, a kai wa ɗaya daga mutum biyun nan hannu da hannu, a ranar; in da rauni, a kira malami mafi kusa nan take. Ta bar gurbin suna biyu, ta zauna tana dubansu har aka kaɗa ƙararrawar hutu. Malamai talatin, ba ta san wa za ta rubuta ba.

Ta ɗauki takardar ta nufi ɗakin malamai. Ta duba ko'ina, babu kujerar da za ta ce tata ce. Malamin lissafi, wanda yanzu furfura ta cinye masa kai, shi ya miƙe ya tura mata tasa.

"Lafiya dai, Malama?"

"Taimako na zo nema," in ji ta. "Na makara da yarinya ɗaya."