Wayar Baba ta ci gaba da tuna mana azkar

A lokacin ni mai sayar da atamfa ce a kasuwar Sokodé, gidana a unguwar Didaouré, kuma ni ce 'yar da ake kira idan waya ta rikice, har nake ganin babu abin da ya fi ƙarfina. Mahaifina tsohon mahauci ne, yana zaune shi kaɗai can nesa a garin Dapaong tun rasuwar mahaifiyarmu, ciwon gwiwa ya sa a ɗaki yake sallah. Kullum in ya idar da asuba sai ya turo murya a rukunin WhatsApp na danginmu, ya ce a yi azkar kafin rana ta fito: Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, har sayyidul istigfari. Bayan la'asar ya sake turo na yamma, ya ce kar mu bari magariba ta riske mu. Wani lokaci ya makara, wani lokaci tari ya katse shi. Da wannan muryar muke sanin ya tashi lafiya, amma ban taɓa lura ba.

Da na je gaishe shi, sai na ce zan hutar da shi. Na saka masa manhajar da ke lissafa asuba da la'asar bisa lokacin Dapaong, na haɗa ta da wata mai tura rubutu da kanta. Ya ce bakinsa bai gaji ba, na ce Baba zamani ne.

Saƙo ya riƙa zuwa daram, mu kuma mu jera amin. Wata safiya gwaggona ta kira ni, ta ce ranta bai kwanta ba, ta buga masa bai ɗauka ba. Na ce haba Gwaggo, ga saƙonsa nan ya shigo da asuba. La'asar ta yi, na yamma ya shigo. Washegari na safe ya shigo, ko minti bai ƙara ba. Ina kallon saƙon, sai a lokacin na tuna manhaja ce ke turowa, ba Baba ba. Nan take na kira maƙwabcinsa. Ɓalle ƙofa suka yi, suka same shi kwance kusa da buta, ɓarin jikinsa ya shanye, wayar na jone da wuta. Na kama mota zuwa Dapaong, na tarar da shi a asibiti ba ya magana, kuma bai sake yi ba har Allah ya karɓi abinsa.

Na san kwana ne ya ƙare, amma abin yana cin raina. Malamai sun ce wanda ya karanta sayyidul istigfari da yamma da yaƙini, ya rasu a darensa, ɗan Aljanna ne. Ina roƙon Allah ya sa Baba ya samu ya motsa harshensa, don wayar ba ta karanta wa kowa. 'Yan'uwa, ku bar waya ta tuna muku lokaci, ba laifi. Amma in kuna da tsoho a nesa, kar ku ce amin sai kun ji muryarsa.